Imoji a Rubutun Aiki da Sana'a: Wanne Za Ka Sa, Guda Nawa, Kuma a Ina

Matashin da ya gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, yakan shiga LinkedIn ne da hannun da ya saba da WhatsApp. A zauren 'yan ajinsu, ko na 'yan unguwarsu ta Ƙofar Ƙaura, in ya jera imoji biyar bayan kowace magana ba wanda zai ga laifinsa, domin duk an san shi, an san muryarsa. A dandalin aiki kuwa, mafi yawan masu karanta shi ba su taɓa ganinsa ba. Akwai jami'ar ɗaukar ma'aikata da ke zaune a Abuja ko Legas tana duba mutum ɗari a wuni. Akwai malaminsa na jami'a wanda wata rana zai nemi takardar shaida a wurinsa. Akwai Alhajin da ke da kamfanin gine-gine a cikin gari, wanda ba ya yin sharhi amma yana karantawa. Waɗannan mutane uku ba sa fahimtar imoji iri ɗaya, kuma rubutu ɗaya ne zai je gabansu duka.

Ni ba na cikin masu cewa a daina sa imoji gaba ɗaya a rubutun aiki. Yana da amfani, kuma zan nuna inda yake. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kowane imoji sai yana da aikin da yake yi kafin a bar shi ya shiga. Ga yadda ake bi daki-daki.

Mataki na farko: rubuta maganarka ba tare da imoji ko ɗaya ba

Wannan matakin shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne tushen sauran. Buɗe wurin ajiye rubutu a wayarka, ba cikin LinkedIn ba, ka rubuta abin da kake son faɗa da kalmomi zalla. Sannan ka karanta a bayyane. In maganar ta fita, an gane me ya faru, wa kake yi wa godiya, me kake nema, to rubutun ya tsaya da ƙafarsa. In kuwa ka ji wani wuri ya yi fayau har hannunka na ƙaiƙayin sa 🔥 ko 💪, ka tsaya ka duba, domin galibi ba imoji wurin yake buƙata ba, bayani ne ya ɓace. Wanda ya rubuta "Mun yi aiki sosai a wannan wata 🔥🔥🔥" bai faɗi komai ba. Wanda ya rubuta cewa sun sa fitilu masu aiki da hasken rana a rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka huɗu, kuma shi ne ya haɗa wayoyin, ya gaya wa mai ɗaukar aiki abin da zai iya riƙewa.

Akwai wani dalili kuma. Kalmomi ake nema a akwatin bincike. Jami'in da ke neman akanta a Katsina zai buga sunan aikin da sunan garin ne, ba zai buga hoton jakar kuɗi ba. Duk inda ka sa imoji a madadin kalma, kamar ka rubuta "Ina neman 💼 a fannin 💻", ka fitar da kanka daga sakamakon binciken da hannunka.

Mataki na biyu: san irin rubutun, shi zai faɗa maka adadin

Adadin da zan bayar ra'ayina ne daga abin da na ga yana karɓuwa a wurin masu karatu iri-iri, ba doka ce ta LinkedIn ba.

Akwai rubutun da ba ya son imoji sam. Ta'aziyyar abokin aiki, sanarwar cewa aikinka ya ƙare ko an rage ma'aikata, ban haƙuri ga abokan ciniki, maganar tsaro ko wani iftila'i da ya faɗa wa jama'a, da duk abin da ka rubuta da sunan ma'aikatar gwamnati. A nan kalma kaɗai ke ɗaukar nauyin. "Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri" ba ta buƙatar ƙari.

Rubutun ra'ayi ko bayani kan fanninka, misali injiniya yana bayanin dalilin da ya sa bulo ke tsagewa in ba a ba shi ruwa ba, ko malamar jinya tana bayanin ajiye allurar rigakafi a sanyi, ya isa da sifili ko guda ɗaya. Abin da kake sayarwa a nan shi ne saninka, kuma kowane ado yana rage masa nauyi.

Sanarwar farin ciki, kamar samun aiki, ƙarin girma, kammala karatu ko gama bautar ƙasa, tana ɗaukar ɗaya zuwa biyu.

Sanarwar taro, horo ko gurbin aiki ita ce ta fi kowa samun sarari, uku zuwa huɗu, saboda a nan imoji yana aikin nuna hanya: 📅 gaban rana, 📍 gaban wuri, ⏰ gaban lokaci. Mai karatu a waya yana gudu da yatsa, idonsa zai faɗa kan ranar nan take.

In kana son ma'auni guda da za ka riƙe a ka: kada sakin layi ɗaya ya wuce imoji ɗaya, kada rubutu gaba ɗaya ya wuce uku sai sanarwar taro, kuma kada ka maimaita iri ɗaya a jere. LinkedIn yana ba ka damar haruffa har 3,000 a rubutu guda, amma tsawon rubutu ba ya ƙara maka kason imoji. Dogon rubutu ma ya fi buƙatar natsuwa.

Mataki na uku: zaɓen iri, inda aka fi yin ɓarna

A nan zan daɗe, domin kuskuren adadi yana sa a ga kamar kai yaro ne, amma kuskuren iri yana iya ɓata maka suna.

Imoji kashi biyu ne a wurin mai rubutun aiki. Akwai na abubuwa da alamomi: 📅 📍 ✅ 📌 📊 🎓 🤝 🌱. Waɗannan ma'anarsu a fili take, kusan kowa ya ga hular kammala karatu ya san me ake nufi. Akwai kuma na fuska da na motsin hannu, waɗanda ke ɗauke da yanayin zuciya. Su ne masu hatsari, domin kowane rukunin mutane da yadda yake karanta su. In kana shakka, ka ɗauko daga kashin farko.

Fara da 😂. Sunansa a hukumance fuska mai hawayen farin ciki, wato dariya ce har da ƙwalla. Amma mutane da yawa a wurinmu, musamman iyayenmu da suka shigo harkar waya da girma, hawayen suke gani su ɗauka kuka ne, su sa shi a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. A zauren dangi ana gane niyya a wuce. A LinkedIn, abokin aikin mamacin da ke wata ƙasa dariya zai gani. Shi ya sa na ce ta'aziyya ba imoji, ko da na kukan ne na gaskiya. Hatta 😭 matasa sun mayar da shi alamar dariya mai tsanani, kamar yadda suka yi wa 💀. Ga 🙂 kuma, wanda dattijo ke ganin murmushin mutunci ne, matasa da dama suna karanta shi a matsayin murmushin da ke ɓoye jin haushi. In kana son fuska ɗaya mai aminci, 😊 ta fi kusa, ita ma sau ɗaya, kuma a wurin godiya.

Sai 🥂 da 🍾. Waɗannan za ka gan su birjik a rubutun Turawa da na wasu 'yan kudu in an samu ƙarin girma, sai matashi ya kwaso ba tare da ya lura ba. Kofunan giya ne da kwalbar giya. Alhajin nan mai karantawa bai yin sharhi ya gani, kuma ya gane. Ga murna akwai 🎉 ko 👏, sun wadatar.

Zukata da sumba, ❤️ 😍 😘 🥰, ba su da wuri tsakanin namiji da macen da aiki kaɗai ya haɗa su. Namijin da ya sa 😍 a ƙarƙashin hoton wata injiniya ranar da ta karɓi takardar shaidarta ya mayar da maganar daga aikinta zuwa fuskarta, kuma kowa na gani, har da mijinta ko yayanta. Mata da yawa a garuruwanmu sai da aka sha fama a gida kafin a bar su su sa hotonsu da sunansu a dandalin aiki. Irin wannan sharhin yana iya sa a ce su rufe shafin. Ka rubuta "Barka, Injiniya, Allah ya ƙara basira" ka tsaya a nan.

Akwai wasu biyu da baƙo ba zai taɓa zargi ba amma ɗan Najeriya ya sani: 🧹 da ☂️. Tsintsiya tambarin APC ce, lema kuma ta PDP. Mai kamfanin share-share da ya jera tsintsiya a tallarsa, ko mai sayar da inshora da ya sa lema, ba su yi nufin komai ba, amma a kakar zaɓe za a karanta musu abin da ba su faɗa ba. Ma'aikacin gwamnati da ma'aikacin ƙungiyar agaji, waɗanda aikinsu ya hana su nuna ɓangare, su fi kowa kiyayewa.

Game da 🙏 da 🤲. Na farkon tafukan hannu ne a haɗe, kuma ya yaɗu a matsayin godiya ko roƙo, har ya zama abin da kowa ke fahimta a dandalin aiki. Wasu Musulmi ba sa son sa saboda ba haka muke ɗaga hannu a addu'a ba, sai su zaɓi 🤲, wanda aka ƙara a shekarar 2017, tafuka a buɗe suna kallon sama. Duka biyun ba su da aibu in an sa ɗaya a inda ya dace. Sai dai ka sani cewa baƙon da bai san al'adar ba yana iya ganin 🤲 kamar miƙa hannu ana roƙo, kuma a rubutun neman aiki wannan ba hoton da kake so ba ne. Ni na fi son a rubuta "Alhamdulillah" ko "Na gode" da haruffa. Ba wanda zai yi musu fassara ta daban.

Na ƙarshe a nan su ne 🚀 🔥 💯 💰. Ba su da ma'anar banza, amma masu tallar saka kuɗi a ninka maka cikin mako sun cinye su. Mutanenmu da dama sun yi asara a irin waɗannan harkoki, kuma ido ya koyi cewa rubutu mai roka da jakar kuɗi a layin farko abin gudu ne. In sana'arka ta gaskiya ce, kada ka sa mata rigar 'yan damfara.

Kan launin fata, wanda aka fara ba da zaɓinsa a 2015, maganar gajera ce: ko ka bar ruwan ɗorawan da ya zo da shi, ko ka zaɓi wanda ya yi kama da naka ka tsaya a kansa. Shafin kamfani ya bar ruwan ɗorawa.

Mataki na huɗu: wurin zama

Imoji yana zuwa bayan jimla ta cika, ko a farkon layi in yana nuna hanya. Ba ya shiga tsakiyar jimla. Dalili ɗaya shi ne yana katse karatu. Dalili na biyu ya fi muhimmanci: makafi da masu raunin gani suna amfani da manhajar da ke karanta musu allo, kamar TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, kuma manhajar tana faɗin sunan kowane imoji da ta tarar. In ka sa 👏 tsakanin kowace kalma, mai sauraro zai ji kalma, ya ji sunan tafi, ya ji kalma, ya ji sunan tafi, har maganar ta watse masa. Cikin masu sauraron nan akwai lauyoyi da malamai da ma'aikatan ƙungiyoyi, wato mutanen da kake son su ji ka.

Ka kuma kula da layuka biyu ko uku na farko. LinkedIn yana yanke dogon rubutu ya sa `more`, sai wanda ya danna zai ga sauran. Wannan ɗan sararin shi ne duk abin da yawancin mutane za su gani. Kada ka cika shi da 📢📢📢. Sa labarin kansa.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. LinkedIn ba shi da maɓallin kaurara rubutu a fostin na yau da kullum, don haka mutane suna zuwa wasu shafuka su juya kalmominsu zuwa haruffa masu kauri su manna. Waɗannan ba haruffan rubutu ba ne, alamomin lissafi ne da suka yi kama da su. Bincike ba ya kama su yadda ya kamata, manhajar makafi tana rikicewa a kansu, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. Sai ka ga "ƙwarewa" ta fito da harafin farko siriri sauran masu kauri. In kana son kan magana ya fito, ba shi layinsa shi kaɗai, ka bar fili a ƙasansa.

Mataki na biyar: duba a wata na'ura kafin ka saki

Imojin da kake gani ba lalle shi mai karatu ke gani ba. Abin da wayarka ke aikawa lamba ce, kowane kamfani kuma da zanensa: na Apple daban, na Samsung daban, na Google daban, na Microsoft daban. Hukumar Unicode ce ke tsara jerin tun da ta shigar da imoji cikin ma'auninta a 2010, kuma tana ƙara sababbi lokaci zuwa lokaci. Wayar da ba a sabunta ta ba ba ta san sababbin ba, sai ta nuna akwati fanko. 🫡 da 🫶, alal misali, na 2021 ne. A gari irin namu inda mutane da yawa ke riƙe da tsohuwar Android, zaɓen tsofaffin imoji ya fi aminci.

Tuta ma haka. 🇳🇬 tana fitowa da kyau a waya, amma a mafi yawan kwamfutoci masu Windows haruffa biyu ne kawai ke bayyana, `NG`. Jami'an ɗaukar aiki kuwa a kwamfutar ofis suke dubawa. In ka jera tutocin ƙasashe huɗu don nuna inda ka yi aiki, su jerin haruffa za su gani. Rubuta sunayen ƙasashen.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Tura wa wani rubutun ta imel ko saƙon tes, wanda wayarsa ba irin taka ba ce, ya ɗauko hoton allon ya dawo maka da shi. Kada ka gwada ta WhatsApp, domin a Android shi yana amfani da nasa zanen, ba zai nuna maka abin da za a gani a wani wuri ba. In a kwamfuta kake rubutu, ga yadda ake buɗo akwatin imoji:

```
Windows:  Win + .
Mac:      Control + Command + Space
```

Mu gwada a kan rubutu guda

A ce wata matashiya a Daura ta gama bautar ƙasa a wani asibiti, inda ta yi aikin adana bayanan marasa lafiya, yanzu tana neman aiki. Ga abin da ta fara rubutawa:

"🎉🎉🎉 ALHAMDULILLAH 🤲🤲🤲 Yau na gama bautar 🇳🇬 😭😭 Ba sauƙi amma mun yi 💪🔥 Godiya ga ogana ❤️❤️ da duk abokan aiki 🥰 Yanzu ina neman 💼 don Allah a taimaka 🙏🙏🙏🙏"

Ta kai wa yayarta, wadda ta daɗe tana aiki a wata ƙungiyar lafiya, ta ce, "Yaya, duba min kafin in saki."

Yayar ta karanta ta ce, "Ƙanwata, share hotunan nan duka ki karanta min abin da ya rage."

Abin da ya rage shi ne ta gama bautar wani abu, ba sauƙi, tana godiya, tana neman wani abu. Kalmomi biyu mafi muhimmanci, ƙasa da aiki, sun tafi tare da imojin. Ba a san me ta karanta ba, me ta yi a asibitin, wane aiki take so, a wane gari. Ga zukata biyu a gaban ogan da namiji ne mai iyali. Ga 😭 da wani zai ɗauka kuka, wani dariya. Ga hannuwa huɗu a ƙarshe da suka mayar da mai ƙwarewa mai bara.

Yayar ta tambaye ta, "Me kika yi da hannunki a shekarar nan wanda ba a yi kafin ki zo?" Daga amsar aka sake gina rubutun:

"Na kammala bautar ƙasa a sashen adana bayanan marasa lafiya, kuma ina neman aikin shigar da bayanai ko sa ido kan ayyukan lafiya a Katsina, Daura ko Kano.

A cikin shekarar na mayar da rajistar masu zuwa awon ciki daga littafi zuwa Excel, na kuma koya wa ma'aikata biyu yadda za su ci gaba da ita bayan tafiyata. Rahoton wata-wata da ake kwana biyu ana haɗawa yanzu yana fita a wuni ɗaya.

Alhamdulillah. Ina godiya ga shugaban sashenmu da abokan aikina bisa haƙurin koyar da ni. 🎓

📌 In kun san gurbin da ya dace, ku turo min saƙo a nan, zan aiko da takarduna."

Imoji biyu suka rage daga kusan ashirin. Hular tana rufe sakin godiya da alamar kammalawa, ba ta ɗauke da wani yanayi da za a yi wa mummunar fassara. Fil ɗin yana jawo ido zuwa layin da take son a yi aiki da shi. Layin farko, wanda za a gani kafin `more`, yanzu yana ɗauke da abin da ta iya da abin da take nema da garuruwan. In ka cire imojin biyu rubutun bai rasa komai na ma'ana ba, kuma haka ake so. Da gidan lauyoyi ko banki take nema, da sai in ce ta cire hular ma ta bar fil ɗin kaɗai. Da kuma mai zanen kaya ce ko mai ɗaukar hoto, da ta ƙara ɗaya ba laifi, domin fanninsu ya saba da hakan. Hanyar sanin al'adar fanninka ita ce ka duba rubutu goma na baya-bayan nan na mutanen da ke kan kujerar da kake fata nan da shekara biyar, ka ƙirga nasu, ka tsaya daidai da su ko ƙasa kaɗan. Yaren rubutun bai canja komai ba, da Hausa ne ko da Turanci ma'aunin ɗaya ne.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri bayan ka saki: sharhin da ke zuwa duk na abokan makaranta ne, su ma da imoji zalla, babu wanda ya tambaye ka komai game da aikin. Ana iya gyara rubutu bayan an sake shi, ta ɗigo ukun da ke samansa, don haka ba sai ka goge ba.

Shafinka, sharhi, da saƙon sirri

A gurbin suna kada ka sa komai sai sunanka. A `Headline`, layin da ke ƙarƙashin suna, kana da haruffa 220, kuma yana bin ka duk inda ka yi sharhi. Raba sassansa da sanda tsaye, kamar "Akanta | Haraji da biyan albashi | Katsina", ya fi a raba da taurari. Takardar sibi kuwa ba ta ɗaukar imoji ko ɗaya, har da ƙananan hotunan waya da ambulan da ake sawa gaban lamba, domin manyan ma'aikatu da yawa manhaja ce ke fara karanta takardar, kuma irin waɗannan alamomi sukan rikiɗe su zama shara a cikinta.

A sharhi, ka tuna LinkedIn ya riga ya ba ka maɓallan `Like`, `Celebrate`, `Support`, `Love`, `Insightful` da `Funny`. In abin da za ka faɗa bai wuce tafi ba, danna `Celebrate` ka wuce. Sharhin 👏👏👏 zalla bai ƙara komai a kai ba. In za ka rubuta, rubuta jimla da ta nuna ka karanta. Ga na gaba da kai, Farfesa ko Darakta ko Hajiyar da ta taɓa riƙe ka a ofis, ka bar shi ya fara. In bai sa imoji ba kada ka sa. In ya sa ɗaya, kana iya mayar da ɗaya. Ko a zaure ba ka riga babba miƙa hannu, to nan ma haka ne.

Saƙon farko ga wanda bai san ka ba ya tafi babu imoji: sallama, ko kai wane ne, me ya sa shi ka nema, me kake so.

Sai 👍, wanda na bari ƙarshe saboda ya shafi kuɗi. A wurin babba, amsa dogon saƙonsa da babban yatsa kaɗai rashin ladabi ne, kamar ya yi maka magana ka gyaɗa kai ka juya. A wurin ciniki kuma yana iya zama amincewa. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke hukunci cewa 👍 da wani manomi ya aika, bayan mai saye ya turo masa hoton takardar kwantiragin sayen amfanin gona, ya zama karɓar kwantiragin. Manomin ya ce shi nufinsa ya ga saƙon ne kawai. Kotun ta duba yadda suka saba ƙulla ciniki ta gajerun saƙonni a baya, ta umarce shi ya biya sama da dalar Kanada 82,000 saboda bai kawo kayan ba. Hukuncin na Kanada ne, amma irin wannan saɓanin yana iya faruwa tsakanin duk mutum biyu da ke maganar farashi ta waya, ko dillalin hatsi ne a kasuwar Mai'aduwa ko mai zanen gida da wanda ya ba shi aiki. Saboda haka in aka turo maka farashi, ko ranar kawo kaya, ko tayin albashi, ka amsa da kalmomin da ke faɗin matsayinka. In gani kawai ka yi, rubuta: "Na ga saƙon, ranka ya daɗe, zan duba in ba da amsa gobe da safe." In ka yarda, rubuta ka yarda, ka maimaita adadin kuɗin da ranar a cikin amsar taka.